Mutum goma a kan kowace tambaya: iyakar wannan ƙa'ida a rigireshan da nazarin fakta

Tambayar da ɗalibai masu rubuta kundin digiri suka fi kawo mini ita ce: "Malam, mutum nawa zan tambaya?" Yawanci kuma sun riga sun zo da amsa a aljihu, tabbaci kawai suke nema. Wani an ce masa mutum goma a kan kowace tambaya, wata an ce mata ɗari uku sun wadatar ko me za ta yi, wani kuma ya zo da 384 da ya kwafo daga jadawali. Waɗannan su ne ƙa'idojin kintace, kuma ban raina su ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma masanan da suka fitar da su sun san aikinsu. Damuwata ita ce kowace ɗaya an gina ta a kan wani sharaɗi, sai aka riƙa yaɗa lambar aka bar sharaɗin a baya. Wadda ta fi shahara a cikinsu ƙirga yawan ma'aunai take yi, alhali abin da ya fi yanke yawan mutanen da ake buƙata shi ne ƙarfin alaƙar da ake nema. Wanda ya ɗaga murya a tsakiyar kasuwa, sau ɗaya ya isa ka ji shi. Wanda yake raɗa, sai ka matso ka saurara sau da yawa kafin ka tabbatar da abin da ya ce.

Bari mu fara kawar da wani ruɗani da ya yi yawa a jami'o'inmu. Dabarar Taro Yamane ta 1967, wato n = N / (1 + Ne²), inda N take yawan jama'a, e kuma kuskuren da aka yarda da shi, da jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 wanda yake tsayawa a 384, an yi su ne don ƙiyasta kaso. Misali kana son sanin kashi nawa na manoman wata ƙaramar hukuma ke amfani da ingantaccen iri, kuma ka yarda da kuskuren maki biyar sama ko ƙasa. Idan manoman 5,000 ne, Yamane zai ba ka 370. Duk yawan jama'ar, ba zai taɓa wuce 400 ba muddin e tana 0.05. Babu inda dabarar ta tambaye ka ma'auni nawa za ka sa a rigireshan, ko girman tasirin da kake son ganowa. Saboda haka amsa ce ga wata tambaya daban, ko da a wasu lokuta lambarta ta yi daidai da buƙatarka bisa dace.

Ƙa'idar Green da abin da ke ƙarƙashinta

A rigireshan, ƙa'idar da ta fi shahara bayan goma-goma ita ce wadda Samuel Green ya fitar a 1991. Kashi biyu ce. Idan abin da kake so shi ne ka gwada ko ma'aunanka gaba ɗaya suna bayyana wani abu, to N ≥ 50 + 8m, inda N a nan take nufin yawan mutanen da za a tambaya, m kuma yawan ma'aunan hasashe. Idan kuwa kana son gwada tasirin kowane ma'auni shi kaɗai, to N ≥ 104 + m. Duka biyun sun ɗauka cewa za a yanke hukunci a matakin 0.05, ana son ƙarfin ganowa na kashi 80 cikin ɗari, sannan, kuma nan ne gizo ke saƙa, tasirin da ake nema matsakaici ne. Ƙarfin ganowa yana nufin cewa idan tasirin gaskiya ne, aka maimaita binciken sau ɗari, za a kama shi a tamanin.

Kalmar matsakaici ta samo asali ne daga ma'aunin Jacob Cohen na 1988. Shi ya raba girman tasiri, wanda ake rubutawa f², gida uku: 0.02 ƙarami, 0.15 matsakaici, 0.35 babba. Da ma'aunai shida, gwajin rigireshan gaba ɗaya yana buƙatar mutum 98 idan tasirin matsakaici ne, daidai da abin da 50 + 8m take bayarwa. Amma idan babba ne, kusan 46 sun isa, idan kuma ƙarami ne sai an kusa 690. Yawan ma'aunai bai canza ba, shida ne a duk ukun, amma buƙata ta ninka sau goma sha biyar daga wannan gefe zuwa wancan. Ƙa'idar da ke kallon m kaɗai ba ta da hanyar ganin wannan tazara.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata ɗalibar tattalin arzikin noma tana son sanin abin da ke sa wani manomi ya fi wani samun masara a kadada ɗaya. Ta zaɓi ma'aunai shida: girman gona, yawan taki, amfani da ingantaccen iri, shekarun manomi, zurfin karatunsa, da yawan ziyarar malamin gona. Ainihin abin da ya dame ta shi ne na ƙarshen: shin ziyarar malamin gona tana ƙara wani abu bayan an cire tasirin sauran? Goma-goma ta ce mata mutum 60. Green ya ce 98 ko 110. Ta ɗauki 110 don ta kwantar da hankalinta.

Yanzu sai mu tambayi abin da ƙa'idar ba ta tambaya ba. A ce daga binciken da aka yi a baya tana sa ran ma'aunan shida a haɗe za su bayyana kashi 20 cikin ɗari na bambancin amfanin gona, wato R² = 0.20. A ce kuma tasirin ziyarar, a ma'aunin da SPSS ke nunawa a ƙarƙashin Beta, zai kai 0.20. Da ziyarar ba ta da alaƙa da sauran ma'aunai, abin da za ta ƙara a kan R² shi ne 0.20 sau 0.20, wato 0.04. Ana samun f² ta hanyar raba wannan da abin da ya rage ba a bayyana ba, wato 0.04 a raba da 0.80, ya ba da 0.05. Green ɗin da kansa ya bayar da wata dabara da ba a cika ambata ba, wadda take la'akari da girman tasiri: N ≥ (8 / f²) + (m − 1). Takwas a raba da 0.05 ya ba da 160, a ƙara biyar, mutum 165 ke nan. Tun a nan 110 ta gaza.

Sai dai a gona abubuwa ba sa tafiya a warwatse. Manomin da malamin gona ke yawan ziyarta shi ne ya fi samun ingantaccen iri, shi ne kuma ya fi sanin lokacin sa taki. A ce rabin bambancin da ke cikin ziyarar sauran ma'aunai sun riga sun ɗauke shi. A allo za ka ga haka a matsayin VIF = 2. Ɗalibai da yawa sun haddace cewa VIF ba ta zama matsala sai ta kai 5 ko 10, don haka idan suka ga 2 sai su wuce. Amma 2 tana nufin rabin bayanin da ke cikin wannan ma'auni ne kawai nasa na kansa. Abin da ziyarar za ta ƙara a kan R² ya faɗo daga 0.04 zuwa 0.02, f² ta koma 0.025, buƙata kuma ta tashi zuwa 320 da biyar, wato 325. Wanda yake son lissafin da ya fi wannan daidaito zai iya yin sa a R:

```r
library(pwr)
pwr.f2.test(u = 1, f2 = 0.025, sig.level = 0.05, power = 0.80)
```

Zai ba ka v kusan 314, sai ka ƙara ma'aunai shida da ɗaya, ka samu 321. A G*Power, ƙarƙashin Linear multiple regression: Fixed model, R² increase, amsar za ta fito kusan 316. Ɗan bambancin da ke tsakaninsu ba abin damuwa ba ne. Abin lura shi ne buƙatar ta kusa ninka 110 sau uku.

Me zai faru idan ta tsaya a 110? Ƙarfin ganowarta bai kai kashi 40 cikin ɗari ba. Ma'ana, ko da ziyarar malamin gona tana da amfani na gaskiya, sau shida cikin goma p za ta fito sama da 0.05, ita kuma ta rubuta a babi na biyar cewa ziyarar ba ta da tasiri. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, domin irin wannan jimla tana iya fita daga kundi ta shiga rahoton da za a kai wa masu rabon kuɗi. Ɗaya gefen ma bai fi daɗi ba. A lokutan da ƙaramin samfur ya yi sa'ar ƙetare 0.05, yakan yi haka ne saboda ƙiyasin ya kumbura ya fi gaskiya, sai mai bincike na gaba ya ɗauki kumburarren adadin ya tsara nasa samfurin a kai, shi ma ya gaza.

Idan ka juya dabarar Green baya, za ka ga 104 + m ta yi daidai da f² na kusan 0.075. To duk wanda ya yi amfani da ita, ko ya sani ko bai sani ba, ya yi alkawarin cewa ma'auninsa zai bayyana kusan kashi bakwai cikin ɗari na abin da sauran suka bari. A binciken zamantakewa da noma da ilimi, ma'auni guda da ke da wannan ƙarfi bayan an cire sauran ba kullum ake samunsa ba.

Akwai sauran mataki ɗaya da ƙa'idojin nan duk suka yi shiru a kansa. Sun ɗauka kowane mutum an zaɓo shi shi kaɗai, ba ruwansa da na kusa da shi. Ɗalibarmu kuwa ba haka za ta yi ba, kuma babu mai yin haka da kuɗin motar da ɗalibi ke da shi. Za ta je ƙauye ta tambayi mutum ashirin, ta wuce na gaba. Manoman ƙauye ɗaya ruwan sama ɗaya suke samu, ƙasarsu iri ɗaya ce, galibi malamin gona ɗaya ne ke zagaya su. Amsar na ashirin ba sabon labari ba ce gaba ɗaya. Ana auna wannan da 1 + (k − 1)ρ, inda k take yawan mutane a kowane ƙauye, ρ kuma kamannin da ke tsakanin 'yan ƙauye ɗaya. Ko da ρ ba ta wuce 0.05 ba, ɗaya a haɗa da 19 sau 0.05 ya ba da 1.95. Ga ma'aunin da yake canzawa daga mutum zuwa mutum a cikin ƙauye, kamar shekaru, hukuncin bai kai haka tsanani ba. Amma ziyarar malamin gona kusan rabon ƙauye ce, don haka za ta sha kusan dukkan ninkin: 325 ta zama wajen 634. Idan kuma takarda ɗaya cikin goma za ta dawo ba a cike ba, sai a buga wajen 700. Maganin da ya fi araha a nan shi ne a ƙara yawan ƙauyuka a rage mutane a kowanne. Da mutum goma a ƙauye, ninkin ya sauko 1.45.

Wani zai ce ai ya yi da mutum talatin kuma R² ta fito da kyau. Ga abin da zai duba. Ko da ma'aunanka ba su da wata alaƙa da abin da kake hasashe, R² da za ka samu a matsakaici ita ce m / (N − 1). Da ma'aunai shida da mutum talatin, shida a raba da 29 ya ba da kusan 0.21, daga babu. Da mutum sittin, 0.10. Shi ya sa wurin da za ka fara kallo a allo shi ne tazarar da ke tsakanin R Square da Adjusted R Square. Idan na farko 0.30 ne na biyu kuma 0.12, samfurin ya yi wa ma'aunan kaɗan. Alama ta biyu ita ce ka cire mutum biyu ko uku ka sake gudanarwa, ka ga wani adadi ya juya daga ƙari zuwa ragi.

Idan amsar e ko a'a ce

A rigireshan na lojistik, inda sakamakon biyu ne kawai, ba yawan mutane ake ƙirgawa ba. Ana ƙirga yawan waɗanda abin ya faru da su, ko kuma rukunin da ya fi ƙanƙanta. Peduzzi da abokan aikinsa a 1996 su ne aka fi dangantawa da ƙa'idar faruwa goma a kan kowane ma'auni. A ce ka tambayi mata 400 da suka karɓi bashin sana'a, kashi 8 cikin ɗari ne suka kasa biya. Mutum 32 ke nan, abin da zai ɗauki ma'aunai uku kacal, duk da cewa Yamane ya gamsu da ɗari huɗun. Ka kuma lura cewa ma'auni mai rukuni biyar, kamar nau'in sana'a, gurbi huɗu yake ci, ba ɗaya ba. Ita ma wannan ƙa'ida an taɓa ta daga gefe biyu. Vittinghoff da McCulloch a 2007 sun nuna cewa a wasu yanayi biyar zuwa tara suna isa, Richard Riley da abokansa kuma daga 2019 suka nuna cewa ga mai gina ma'aunin hasashen asibiti goma tana iya yin kaɗan ko ta yi yawa, suka fitar da manhajar pmsampsize don a yi lissafin kai tsaye.

Nazarin fakta, inda ƙa'idar take iya cutarwa

A nazarin fakta ne ƙa'idojin suka fi yawa kuma suka fi saɓa wa juna. Gorsuch a 1983 ya ce mutum biyar a kan kowace tambaya, kada kuma a gaza ɗari. Nunnally a 1978 ya ce goma. Comrey da Lee a 1992 suka jera matakai: 100 rauni, 200 ba laifi, 300 da kyau, 500 da kyau ƙwarai, 1,000 madalla. Mai takardar tambayoyi ashirin zai iya kare 100 ko 200 ko 300 a gaban masu jarrabawa, kowanne da sunan malamin da zai jingina da shi.

Don a ga abin da ya sa babu wadda ta isa a cikinsu, sai a tuna abin da nazarin fakta yake ci. Ba ya cin amsoshin mutane kai tsaye, jadawalin alaƙar da ke tsakanin tambayoyi yake ci, daga nan ya nemo ɓoyayyen abin da ya haɗa su. Ƙarfin da kowace tambaya ta rataya da faktarta shi ake kira lodin. Idan aka ninka lodin da kansa, ga tambayar da ke kan fakta ɗaya, ana samun komunaliti, wato kason amsar da faktar ta bayyana. Sauran kuma hayaniya ce da abin da ya keɓanta da tambayar.

A ce malamai biyu kowanne ya tsara tambayoyi ashirin don auna gamsuwar ma'aikatan jinya da aikinsu, fakta huɗu, tambaya biyar a kowace. Na farko tambayoyinsa a fili suke, an gwada su an gyara, lodin kowace 0.8 ne. Komunalitinsu 0.64, kuma alaƙar tambayoyi biyu na fakta ɗaya ita ma 0.8 sau 0.8 ce, wato 0.64. Na biyu tambayoyinsa suna da harshen damo, lodinsu 0.4, alaƙarsu 0.16. Dukkansu sun bi biyar-biyar sun tambayi mutum ɗari.

Kuskuren ƙiyasin alaƙa ana kintata shi da (1 − r²) / √(N − 1). Ga na farko ya kusa 0.06, don haka 0.64 ɗinsa zai riƙa yawo tsakanin 0.52 da 0.76. Duk inda ya faɗa a nan, ya yi nisa da sifili, kuma faktocin huɗu za su fito sarai. Ga na biyu kuskuren ya kusa 0.10, alaƙarsa ta 0.16 tana iya fitowa ko'ina daga ƙasa da sifili kaɗan zuwa 0.35. A lokaci guda, tambayoyin da ba su da wata alaƙa ta gaskiya suna iya nuna 0.15 ko 0.20 bisa dace. Tambaya ashirin kuwa tana haifar da alaƙa 190, don haka irin wannan dacen zai faru da yawa. Na'ura ba ta da yadda za ta bambance alaƙar gaske da ta dace idan girmansu ɗaya, sai ta haɗa tambayar albashi da ta tsaftar ɗakin haƙuri a fakta ɗaya, shi kuma malamin ya zauna yana neman sunan da zai raɗa mata. Da mutum 400, kuskuren ya sauko kusan 0.05, sannan ne 0.16 take fara rabuwa da hayaniya.

Wannan shi ne abin da MacCallum da Widaman da Zhang da Hong suka nuna a 1999 ta hanyar ƙirƙirar bayanai da suka san gaskiyarsu sannan suka ga mutum nawa ake buƙata kafin a dawo da ita. Idan komunaliti duk sun haura 0.6, ƙasa da ɗari ma yana iya isa. Idan suna wajen 0.5 kuma kowace fakta tana da isassun tambayoyi, ɗari zuwa ɗari biyu. Idan sun yi ƙasa kuma tambaya uku ko huɗu ce a kowace fakta, sai ɗari uku zuwa sama, idan faktocin ma suna da yawa ana iya wuce ɗari biyar. Tun kafin su, Guadagnoli da Velicer a 1988 sun kai ga kusan haka: faktar da ke da lodi huɗu ko fiye sama da 0.6 takan tsaya da ƙafarta ko samfurin bai yi yawa ba.

Ga inda ƙa'idar goma-goma take juyewa ta cutar. Na taɓa ganin wata ɗaliba da ta zo da tambayoyi ashirin da huɗu da takardu 120 da ta sha wahalar tarawa. An ce mata lissafi bai fita ba, sai ta rage tambayoyin zuwa goma sha biyu don goma-goma ta cika. Ta zauna da jan biro tana soke rabin tambayoyin kowane sashe, daga shida zuwa uku. Na ce mata: "Malama, ajiye biron nan tukuna." Abin da take shirin yi zai cika ƙa'ida amma zai raunana aikin, domin fakta mai tambaya shida masu kyau ta fi mai uku tsayuwa a kan mutum 120 ɗin nan dai. Kowace tambaya mai kyau ƙarin shaida ce a kan faktar. Ƙa'idar tana ɗaukar tambaya a matsayin nauyi kawai, alhali tambaya mai ƙarfi taimako take yi. Wadda ya kamata a soke ita ce mai rauni, kuma saboda rauninta, ba don a daidaita lissafi ba.

A wajenmu akwai ƙarin dalilin da ke sa komunaliti ya faɗi. Takardun tambayoyi da yawa da Turanci aka tsara su a wata ƙasa, sai mai tambaya ya riƙa juya su zuwa Hausa da baki a gaban mai amsa, yau da wannan kalma gobe da waccan. Lodin 0.75 da aka samu a inda aka ƙirƙiri takardar ba ya biyo ta. Wanda ya zauna ya fassara ta a rubuce, ya ba wani ya mayar da ita harshen farko don a kwatanta, ya gwada ta a kan mutane kaɗan ya ji yadda suka fahimce ta, ya rage wa kansa buƙatar mutane fiye da yadda yake zato.

To ta yaya za ka gane samfurin bai isa ba bayan ka tara? Kada ka dogara da KMO. Sunansa a allo yana ɗauke da kalmomin Sampling Adequacy, shi ya sa ake zaton yana auna isar yawan mutane, alhali yana auna ko tambayoyin suna da isasshen abin da ya haɗa su ne. Gwajin Bartlett ma kusan kullum yakan wuce, domin abin da yake gwadawa kawai shi ne ko babu alaƙa kwata-kwata. Alamomin gaske su ne waɗannan. Komunaliti ya kai ɗaya ko ya wuce, abin da ba zai yiwu a zahiri ba, wanda ake kira matsalar Heywood. Na'ura ta kasa tsayawa a kan amsa ɗaya duk zagayen da ta yi. Fakta ta fito da tambaya biyu kacal. Ko kuma, wadda na fi amincewa da ita, ka raba mutanenka biyu da ƙuri'a ka yi nazarin a kowane rabi, ka ga tambayoyi suna sauya gida.

Sai a yi hattara da abu biyu da SPSS ke zaɓar maka idan ba ka taɓa komai ba. Na farko Principal components, wanda yake nuna komunaliti sama da yadda nazarin fakta na ainihi zai nuna, har ka ɗauka kana cikin rukunin da ɗari ta isa. Canza zuwa Principal axis factoring ka sake duba jadawalin Communalities. Na biyu ƙa'idar Kaiser ta riƙe duk faktar da darajarta, wato Eigenvalue, ta haura ɗaya. A ƙaramin samfur tana tara faktocin banza: lambobin ƙuri'a zalla, tambaya ashirin da mutum ɗari, ta farkonsu takan haura 1.8. Hanyar da John Horn ya kawo a 1965 ta fi, wato a kwatanta naka da na lambobin ƙuri'a masu girman samfurinka, a riƙe abin da ya fi su kawai:

```r
library(psych)
fa.parallel(bayanai, fa = "fa")
```

Tambayar da ta rage ita ce daga ina mutum zai san f² ko lodin tun bai tara bayanai ba. Daga binciken da aka yi a kan mutane masu kama da naka, sannan ka ɗan rage abin da suka samu, tunda abin da ake bugawa yakan karkata zuwa sama. Gwajin farko na mutum talatin yana da amfani wajen gyara tambayoyi, amma ba wajen auna girman tasiri ba, domin kuskuren alaƙa a wannan adadi ya kusa 0.18. Idan babu abin dogaro, tambayi kanka mafi ƙanƙantar tasirin da zai sa wani ya canza shawara, ka tsara a kansa.

Idan kuma kuɗi da lokaci sun tsaya a mutum 150, kamar yadda yake faruwa da yawancin ɗalibai, sai a juya lissafin. Ga ɗalibarmu ta masara, takwas a raba da 145 ya ba da f² kusan 0.055, idan kuma aka sa ninkin 1.45 na mutum goma a ƙauye, ga ziyarar malamin gona sai ta tashi zuwa kusan 0.08. Za ta rubuta a babi na uku cewa samfurinta zai iya gano tasirin da ya kai wannan girma, ba zai iya dogaro a kan wanda bai kai ba. Za ta bazu a ƙauyuka goma sha biyar maimakon bakwai, ta yanke ma'aunanta tun kafin ta ga bayanai, ba ta bar Stepwise ya zaɓar mata ba. Idan sakamako ya fito, za ta kawo tazarar amincewa ta kashi 95 a gefen kowane adadi. In tazarar ziyarar malamin gona ta tashi daga ragin rabin buhu zuwa ƙarin buhu uku a kadada, abin da za ta rubuta shi ne bayananta ba su isa su raba gardamar ba, kuma ƙarin buhu uku yana cikin abin da ba su kore ba.